Malam, A Sauya Mini Kalar Riga: Abin da Mai Hoto Zai Iya da Wanda Ba Zai Iya Ba

Mako biyu bayan biki, wani mai ɗaukar hoto a Kano ya sami saƙo ta WhatsApp daga amaryar da ya yi wa aiki. Ya ba ni izinin kawo shi bayan an cire suna da duk abin da zai sa a gane ta:

"Assalamu alaikum Malam, ya aiki? Na ga hotuna, Allah Ya saka da alheri. Sai dai ina da roƙo biyu. Leshin da na sa ranar kamu ruwan hoda ne, amma a hoto ya fito shunayya, har Umma tana tambaya ko canza kaya na yi. Na biyu, rigar dina ruwan madara ce, ashe ankon dangin ango ma ruwan madara ne, duk na ɓace a cikinsu. Don Allah a mayar mini da ita kore mai duhu kafin a buga albam. Ƙawata ta ce abu ne na minti biyar a kwamfuta. Na gode."

A wurin amarya roƙon iri ɗaya ne, kala ce ba ta yi ba a gyara. A wurin mai hoto kuwa aiki biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Na farko maido da abin da yake na gaskiya ne, kuma a ganina haƙƙinta ne a kansa, bai kamata ya karɓi ko sisi a kai ba. Na biyu ƙirƙirar rigar da ba a taɓa ɗinkawa ba ne, kuma nan ne rigima takan tashi tsakanin masu hoto da amare, domin kowa da abin da yake zato kwamfuta za ta iya.

Mu fara da leshin kamu. Kyamara ba ta san kalar yadi ba, hasken da ya faɗa kan yadin ya dawo shi kaɗai take auna wa. Idon mutum yana da wata baiwa: ko a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki ko a inuwar bishiya, ƙwaƙwalwa tana cire launin hasken wurin ta nuna maka farar riga fara. Wannan baiwar ma takan yi kuskure. A watan Fabrairun 2015 hoton wata riga ya raba kan duniya, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu suna cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar uwar amarya ce da aka ɗauka da waya gabanin wani biki a Sukotlan, kuma shuɗiya ce da baƙi. Hasken da aka ɗauki hoton a ciki ne ya rikita mutane, kowa ƙwaƙwalwarsa ta yi nata hasashen.

Kyamara ita ma hasashe take yi, ko kuma mai hoto ya gaya mata irin hasken da ake ciki. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka da na filashin kyamara suna wajen 5500. Da a ce hasken zauren biki ɗaya ne daga cikin waɗannan, da abin ya zo da sauƙi. Amma masu ƙawata wurin biki yanzu sun fi son ƙananan fitilun nan masu launi da ake jerawa a gindin bango da bayan kujerar amarya, shunayya da shuɗi da ja. Ruwan hoda kuwa launi ne mai rauni, fari ne da ɗan ja a ciki. Da shuɗin haske ya sauka a kansa sai ya koma shunayya, ba tare da kowa ya yi laifi da gangan ba.

Yadda mai hoton ya gane cewa haske ne ba yadi ba, ya nuna mini a allon kwamfutarsa. Bai kalli leshin ba ma. Ya matso da hoton kan farin mayafin wata dattijuwa da ke zaune kusa da amarya, sai ga shi da ɗan shunayya-shunayya. Ya duba farin zanen teburi, haka. Fatar amaryar ma ta yi wani toka-toka kamar mai jin sanyi. In duk abin da ke cikin hoto ya karkata ɓangare ɗaya, to hasken ne. Kowace amarya za ta iya yin wannan gwajin a wayarta kafin ta kira mai hoto da faɗa.

Gyaran kuma gajere ne. A manhajar Lightroom akwai wani ɗan tsinke da ake kira White Balance Selector. Ana ɗora shi a kan abin da aka tabbata fari ne ko ruwan toka, a danna, sai manhajar ta ja launin hoton gaba ɗaya har wurin ya koma fari. Sai dai a zaɓi wurin da hankali. Farar shaddar ango takan yaudari mutum, domin sabuwar shadda da wadda aka wanke da bula duk suna da ɗan shuɗi a jikinsu, in ka dogara da ita sai hoton ya koma ruwan ɗorawa. Da aka daidaita hoto ɗaya, ya kwafi saitin ya liƙa wa sauran da aka ɗauka a wuri ɗaya cikin haske ɗaya. Waɗanda filashi ya haska gaban amarya, fitilar bango kuma ta haska gefenta, su ne suka ɗan ci lokaci, don sai da ya bi gefen da buroshi. Kafin la'asar leshin ya dawo ruwan hoda.

Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne ya ɗauki bikin a tsarin RAW, wato fayil ɗin da ke ajiye abin da kyamara ta auna ɗanye, kafin a yanke hukunci kan launi. Hoton JPEG, irin wanda muke tura wa juna, matakai 256 kawai yake da su na kowane ɗaya daga launuka uku, ja da kore da shuɗi. RAW na kyamarori da yawa yana da 4,096 ko 16,384. Wanda ke da RAW yana da filin juyawa. Wanda JPEG kaɗai ya ɗauka, in ya matsa wa hoto da gyara sai launin ya fara tsattsagewa, fuska ta yi dabbare-dabbare. Tambayar da ta fi kowace amfani ga amarya tun ranar ciniki ita ce: Malam, da RAW kake ɗauka, kuma har yaushe kake ajiye shi? Wasu suna gogewa da zarar sun miƙa aiki, saboda fayilolin suna cin wuri.

Akwai iyaka ko a nan. In fitilar shunayya ce kaɗai ta haska mutum, babu filashi babu farin ƙwai, to kusan babu koren haske a wurin, kuma abin da bai shiga kyamara ba ba za a fito da shi ba. Irin wannan hoton sau da yawa mafitarsa a mayar da shi baƙi da fari.

Yanzu rigar dina. Yawancinmu da tunanin rini muke kallon abin. A marinar Ƙofar Mata farin yadi ne ya fi daɗin aiki, a tsoma shi a baba ya fito shuɗi, a ƙara tsomawa ya ƙara duhu. Saboda haka amarya ta ɗauka tunda rigarta kusan fara ce, ai ta kawo aiki mai sauƙi. A hoto akasin haka ne.

Abin da ƙawarta ta gani na minti biyar gaskiya ne, amma ga wata irin riga. A Photoshop akwai abin da ake kira Hue/Saturation, wanda ke juya launi zuwa wani launi. Jar atamfa ko shuɗin yadi mara ado, in ba wani abu mai irin launinsa a hoton, ana iya juya shi ya koma kore nan take, inuwa da lanƙwasar yadin duk suna nan yadda suke, domin duhun yadin bai canza ba, launin ne kawai ya juya. To fari ba shi da launin da za a juya. Ka ja abin nan iya ƙarfinka, farar riga tana nan fara. Ruwan madara yana da ɗan launi kaɗan, sai ya koma wani fari mai ɗan kore-kore kamar ya yi funfuna.

Don haka sai an bi doguwar hanya. Da farko a zagaye rigar, a raba ta da duk abin da ba ita ba. Sannan a shimfiɗa koren a kanta, a tsarin da ake kira Multiply, wanda ke barin inuwar yadin ta asali ta bayyana ta ƙarƙashin sabon launi. Sannan a dusashe hasken rigar da Curves har ta yi nauyin yadi mai duhu. Mataki uku ne a faɗe, amma kowanne da inda yake cizo.

Zagayewar ita ce mai cin rai. Rigar amaryar nan leshi ce mai huda-huda a hannu, fatarta tana leƙowa ta kowace huda. In kore ya hau fatar, hannun ya zama na dodo. In an bar zaren leshin bai sami kore ba, sai ya yi fari-fari a gefe. A ƙirji kuma duwatsu ne aka jera, kuma dutse ba ya ɗaukar launin yadi, walƙiyarsa fara ce ko a kan wace riga yake. In aka shafe su da kore sai su mutu, su koma kamar ƙwayar wake. Dole a bi su a tsame. Ga mayafi shara-shara da ya sauko ta kafaɗa, rigar tana bayyana ta cikinsa, kujera ma tana bayyana ta cikinsa. A nan babu layin da za a ce riga ta ƙare mayafi ya fara, sai dai a sa koren rabi-rabi da hannu, ana yi ana ja da baya ana dubawa. Mai hoton ya ce da ni: "Ranka ya daɗe, ni leshi ba ya ba ni tsoro kamar net. Net ɗin nan shi ke hana ni barci."

Matsala ta biyu ba ta da magani sosai. A wuraren da filashi ya bugi rigar kai tsaye, kan kafaɗa da saman cinya inda take zaune, hasken ya cika ma'auni. Ya ɗora tsinken auna launi a wurin, lambobin suka nuna 255, 255, 255, wato fari tas, ƙarshen abin da hoto zai iya riƙewa. Masu hoto suna cewa wurin ya ƙone. A farar riga ba wanda zai lura, don ido yana sa ran ganin fari. Amma da aka zuba kore mai duhu, sai wurin ya fito shafal, babu zare babu saƙa, kamar an yanko koren takarda an manna. RAW yakan ceto kaɗan daga irin wannan, amma in duka launuka ukun sun cika, babu abin da ya rage. Sai dai a kwafo saƙar daga wani sashe na rigar a dasa, kuma mai ido zai ga furen leshi ɗaya ya maimaita kansa.

Ta uku ita ce wadda mutane ba sa iya faɗin sunanta, sai dai su ce hoton bai kwanta musu ba. Riga tana mayar da haske kan abin da ke kusa da ita. Farar riga tana haska ƙarƙashin haɓar amarya da cikin hannuwanta, tana haska gefen babbar rigar ango inda suka jingina. Koriya mai duhu ba za ta yi haka ba, haɓar za ta yi inuwa, gefen shaddar ango ya ɗauki ɗan kore. In aka sauya riga aka bar wannan hasken, sai fuskar ta zama kamar an ɗauko ta daga wani hoto. Haka in ƙasan zauren tayil ne mai sheƙi, ko akwai teburin gilashi a gabansu, farar rigar tana nan a ciki tana tona asiri. Kwalliyar ma don ruwan madara aka yi ta: jan baki, gwaggwaro, sarƙa, har furen da ta riƙe. Wannan ba aikin kwamfuta ba ne, amma ido yana gani.

Duk wanda ke son gane hoton da aka sauya wa kala, waɗannan wuraren zai duba: bakin riga inda ta haɗu da fata ko akwai siririn farin layi, duwatsu ko suna walƙiya, da ƙarƙashin haɓa.

Juyin daga baƙi zuwa fari ya fi wannan muni, don a cikin duhu kyamara ba ta kama komai sosai ba, in an haska sai yashi-yashi ya fito. Ruwan gwal da ruwan ƙasa da ruwan goro kuma suna da tasu fitinar, domin dangin launin fatarmu ne. Manhajar da aka ce ta kamo ruwan gwal sai ta haɗa da wuyan amarya.

Sai lissafi. Amaryar ta fito da rigar dina a hotuna 60 daga cikin waɗanda aka zaɓa. Hoton gwaji ɗaya, ita da ango a zaune, ya ci wa mai hoton kusan minti 40. Ko an ce hannunsa ya faɗa ya koma minti 30 kowanne, sa'a 30 ke nan, kwana huɗu na aiki ba ya taɓa komai sai wannan. Kuma ba a iya kwafar zagayen hoto ɗaya a kai wani, don ta motsa, mayafin ya motsa. Koren ma sai an bi shi hoto-hoto, domin lambar launi ɗaya ba ta ba da kore ɗaya a wurin rawa da wurin yanka kek. In aka yi sake, sai a buɗe albam a ga riga uku. Shi ya sa masu wannan aiki suke yanka kuɗi a kan kowane hoto, kuma ban ga laifinsu ba. Laifin da nake gani shi ne na wanda zai ce "ba matsala Hajiya" don kada a ce bai iya ba, ya karɓi kuɗi, ya miƙa aikin da shi kansa ba zai sa a shafinsa ba.

Bidiyo kuwa ba a ma fara maganarsa ba. A tsarin da aka fi ɗauka a nan, hoto 25 ne a kowane daƙiƙa, minti ɗaya 1,500 ke nan. Ana iya yi a manyan wuraren tace fim, amma ba da kuɗin biki ba. Ga kuma wayoyin 'yan biki, waɗanda tun daren dina suka watsa amarya da ruwan madararta. Duk wadda za ta sauya kala ta san cewa albam ɗinta zai saɓa da bidiyonta da abin da ke wayar kowa. Wata ba ta damu ba, kuma hakan ra'ayinta ne. Ni dai na fi son a gaya mata tun kafin ta biya.

Wani zai ce to ta ba wa yaron shagon kwamfuta mana ya yi mata da araha. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka in ba an yi wata yarjejeniya ba, amma ta ba wanda ya sa a ɗauka don harkar gidansa damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, da damar hana a yaɗa shi. Wato amarya tana iya hana mai hoto sa ta a talla, shi kuma ba dole ba ne ya ba ta RAW. Abin da yaron shago zai samu shi ne JPEG, sau da yawa ma wanda WhatsApp ya riga ya matse ya rage masa girma. A kan wannan ne zai zagaye leshi mai huda. In kuma aikin ya ɓaci aka sa a Instagram, sunan mai hoton farko za a kira.

Amsar da mai hoton ya ba ta ta burge ni don bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya rubuta: "Amarya, na kamu na gyara, ba sai kin biya ba. Na dina ga gwaji uku, ki duba da kyau ki nuna wa Umma." Na farko koren da ta nema ne, da duk aibinsa a fili. Na biyu ya mayar da rigar kore mai haske ƙwarai, irin na cikin kokwamba. Wannan ya zauna, domin nauyin hasken rigar bai canza ba: wuraren da suka ƙone sun wuce a matsayin sheƙi, hasken haɓa ya dace, siririn layin gefe bai fito ba. Ƙa'idar ke nan a wannan aiki, launi mai haske ya koma mai haske, mai duhu ya koma mai duhu.

Na uku bai taɓa rigar ba sam. Ya koma kan ainihin kukanta, wato ta ɓace a cikin anko. A hotunan taro ya ɗan rage hasken mutanen da ke kewaye da ita, ya ɗan dusashe launin kayansu, ya ƙara mata haske kaɗan a fuska da riga, ya yanke gefen hoton yadda za ta zauna a tsakiya. Minti biyar ɗin da ƙawarta ta faɗa, a nan ya tabbata. Ido yana zuwa wurin da ya fi haske a hoto, kuma da ma ita ce mai duwatsu da mayafi.

Ya ƙara mata da shawarar da masu hoto da yawa ba sa kawowa: in koren mai duhu ne ranta yake so, ta ɗinka ko ta ari koriyar riga, su zo situdiyo ita da ango a yi musu zama na sa'a ɗaya. Kuɗin bai kai na gyaran hoto 60 ba, kuma rigar ta gaske ce, inuwarta ta gaske.

Ta zaɓi na uku ga hotunan taro, ta kuma ce a yi mata kore mai haske a guda huɗu da take ita kaɗai, ciki har da wanda za a sa a firam. Ya amince bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, na asalin suna nan a ajiye kuma zai ba ta su tare da gyararrun, don amaren da suka dawo bayan shekara suna neman rigarsu ta gaskiya ba kaɗan ba ne. Na biyu, ba za a buga babba ba sai an buga ƙarami, inci 5 da 7, ta riƙe a hannu ta duba a hasken rana. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa mayar da haske take yi, saboda haka kore da shuɗi masu ƙyalli a waya sukan fito a dushe a takarda, kuma allon wayarta da na kwamfutarsa ma ba lallai su nuna kore ɗaya ba. A bugun gwajin farko koren ya karkata zuwa ruwan toka, sai da ya ƙara masa ƙarfi kaɗan aka sake bugawa kafin ta sa hannu. Fayilolin kuma ya tura mata ta Document a WhatsApp, ba ta hanyar hoto ba, don su isa da girmansu yadda duk inda ta kai za a iya bugawa.